Kare ɗan wata takwas da ke gaigaye kayan gida

Assalamu alaikum, Malam. Ina da kare namiji ɗan wata takwas, nauyinsa ya kai kilo 20, kuma tun yana kwikwiyo yake tare da mu a cikin gida. Na ɗauka idan ya gama famfara zai daina tauna kaya, sai ga shi cikin makonni shidan nan ya lalata takalma ƙafa uku, ya gaigaye ƙafar teburin cin abinci, ya tsinka wayar caja biyu. Na saya masa kayan wasa har guda bakwai, suna nan zube a ƙasa, ba ya ko kallonsu, sai wani tsohon takalmi da na bar masa. Yawanci yana ɓarnar ne idan mun fita aiki ko kuma da yamma. Maigidana yana nuna masa abin da ya ɓata ya yi masa tsawa, wani lokacin ya buge shi, kuma yana cewa karen ya san ya yi laifi tunda yana sunkuyar da kai. Me zan yi kafin a ce a rabu da shi?

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da abin da zai sauya yadda kike kallon lamarin, wato cewa babu wata dabara da za ta sa kare mai wannan shekaru ya daina tauna, kuma bai ma kamata a nemi hakan ba. Abin da yake hannunki shi ne zaɓar abin da zai tauna. Kwikwiyo yana da haƙoran farko 28, waɗanda suke fara zubewa yana da kimanin wata uku zuwa huɗu, kuma kafin ya cika wata shida ko bakwai haƙoran girma 42 sun gama fitowa. Yawancin masu kiwon kare suna zaton a nan maganar ta ƙare, alhali kuwa a daidai wannan lokacin ne karen yake shiga tashen balaga, wanda kan ɗauke shi daga wajen wata shida har zuwa shekara ɗaya da rabi, a manyan karnuka ma har zuwa shekara biyu. A wannan tsakanin muƙamuƙinsa ya yi ƙarfi, kuzarinsa ya ƙaru, son bincikensa ya kai matuƙa, amma haƙurinsa da iya kame kansa ba su kamo jikinsa ba tukuna. Abin da kwikwiyo ɗan wata huɗu zai yini yana gaigaya bai yi masa komai ba, ɗan wata takwas zai raba shi biyu cikin minti goma, shi ya sa ɓarnar take zama kamar sabuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda masana daga Jami'ar Newcastle ta Birtaniya suka jagoranta, ya nuna cewa karnuka 'yan wata takwas sun fi jinkirin bin umarnin mai kula da su a kan yadda suke yi suna 'yan wata biyar, alhali biyayyarsu ga baƙo ba ta ragu haka ba. Saboda haka karenki bai lalace ba, yana tsakiyar lokacin da aka san yana da wuya ne.

Kafin a taɓa batun kayan wasa, akwai tambaya ɗaya da dole ki samo amsarta, domin ita ce za ta nuna ko abin da zan faɗa a ƙasa zai wadatar. Shin yana tauna ne saboda gundura da neman abin yi, ko kuwa saboda firgicin barinsa shi kaɗai? Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki jingina waya a inda za ta riƙa ɗaukar bidiyon wurin da yake, ku fita kamar yadda kuka saba, sannan ki kalli rabin awan farko. Karen da gundura ke damunsa zai leƙa ƙofa, ya zagaya, wataƙila ya kwanta ya yi barci, sa'an nan ya farka ya tafi neman abin da zai sa a baki, ya ɗauko shi ya kwanta a natse yana gaigaya. Wanda firgicin kaɗaici ke damunsa kuwa ba ya samun natsuwa tun daga fitarku: zai yi ta kai-komo, yana haki, yana dalala, yana kuka ko haushi ba ƙaƙƙautawa, ɓarnarsa kuma ta fi yawa a bakin ƙofa da taga da duk inda ake fita, kuma sau da yawa ko an bar masa abinci mai daɗi ba zai taɓa shi ba sai an dawo. Idan bidiyon ya nuna irin wannan, ki kai shi wurin likitan dabbobi ki nuna masa abin da kika ɗauka, saboda wannan matsala tana da nata tsarin magani, kuma kulle irin wannan kare a keji yana iya sa ya ji wa kansa ciwo. Amma abubuwan da naki yake zaɓa, da kuma yadda yake yi ko kuna gida, sun fi kama da na farko, kuma a kan haka zan ɗora sauran bayanin.

Yanzu ki dubi abin da ya zaɓa, domin zaɓin nasa yana gaya miki irin abin da bakinsa yake nema. Takalmi yana ɗauke da warin jikinku, yana lanƙwasuwa a ƙarƙashin haƙori, kuma idan aka dage yana yagewa, wato yana biyan wahalar da aka sha a kansa. Ƙafar tebur ba ta motsi, saboda haka yana iya kafa turamensa a jikinta ya matsa da iyakar ƙarfinsa, katakon kuma yana ɓarewa kaɗan-kaɗan. Wayar caja siririya ce, tana tsinkewa da ɗan ƙoƙari. Dukansu suna sauyawa idan an tauna su. Ki kwatanta wannan da ƙwallon roba ko ƙashin leda da ya kwana uku a ƙasa, ba ya wari, ba ya yagewa, ba wanda yake kula shi. Akwai kuma wani lada da takalmin yake bayarwa wanda abin wasa ba ya bayarwa, kuma ku ne kuke bayar da shi ba da saninku ba: duk ranar da ya ɗauki takalmi, gidan gaba ɗaya yana miƙewa, ana kiran sunansa, ana bin sa a guje, amma ranar da ya kwanta yana tauna abin wasansa babu mai ɗaga kai ya dube shi. Kare mai neman a kula shi ba ya daɗewa bai gane wanne ne ya fi riba ba.

Tsohon takalmin nan kuwa ki ɗauke shi yau. Kare ba shi da hanyar bambanta takalmin da aka yafe masa da wanda kike zuwa aiki da shi, tunda warinsu ɗaya ne, yanayinsu a baki ɗaya ne, kuma duk minti da ya yi yana taunar tsohon darasi ne da yake ɗauka cewa takalmi abin tauna ne. Haka batun yake ga tsohuwar safa da tsumman tufafi.

Matakin farko na gyara ba horo ba ne, hana shi kaiwa ga kayan ne, kuma a nan ne yawancin mutane suke gazawa domin suna ganin kamar sun miƙa wuya. Dalilinsa shi ne tauna tana ɗauke da ladanta a cikinta, duk lokacin da ya samu abin da bai kamata ba ya ji daɗinsa, ɗabi'ar ta ƙara kafuwa, ko da an yi masa faɗa daga baya. Saboda haka na tsawon makonni huɗu zuwa shida ki ɗauka cewa yanayi biyu kawai yake da su: ko dai yana gaban idon babban mutum wanda yake lura da shi da gaske, ba wanda hankalinsa yake kan waya ba, ko kuma yana wani keɓantaccen wuri da babu abin taunawa a ciki sai nasa. Wurin yana iya zama ƙaramin ɗaki da aka kwashe kayan cikinsa, ko wani sashe da aka kange da shinge, mai iska da inuwa da ruwan sha da shimfiɗa. Idan keji za ki yi amfani da shi, ya zama wanda zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafunsa a ciki, kuma kada zamansa a ciki da rana ya wuce kimanin awa huɗu a jere. Idan aikinku ya fi haka tsawo, ɗakin ya fi dacewa, tare da samun wanda zai fito da shi tsakar rana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki fara saba masa da wurin a ranakun da kuke gida, ki riƙa ba shi abincinsa a can, ki rufe na minti biyar, sa'an nan goma, sa'an nan rabin awa, kafin ranar da za a bar shi da gaske. Takalma su koma cikin kabad mai murfi, wayoyin lantarki su hau sama ko a zura su cikin bututun kariya. Maganin feshin nan mai ɗaci da ake sayarwa yana iya taimakawa a kan abin da ba ya ɗaukuwa, kamar ƙafar tebur, amma sai an riƙa sabunta shi, wasu karnukan kuma ba su damu da ɗacin ba, saboda haka kada ki dogara da shi kaɗai.

Mataki na biyu shi ne zuciyar maganar, wato sa abin wasan ya fi takalmi riba, kuma hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a daina ba shi abinci a kwano na wani lokaci. Akwai abin wasa na roba mai ƙwari da aka yi shi da rami a ciki domin a cusa abinci. Ki samu guda uku masu girman da ya dace da shi, wato wanda ba zai iya shigar da shi gaba ɗaya bayan turamensa ba. Bari in bi da ke yadda rana ɗaya za ta kasance. Mu ɗauka abincinsa na yini giram 300 ne na busasshen abincin karnuka, ke kuma sai ki sa adadin da yake ci a zahiri a madadin wannan. Ki auna shi gaba ɗaya da safe ki raba uku, giram 120 na safe, giram 120 na yamma, giram 60 kuma ki zuba a aljihu ko ƙaramar jaka domin lada a cikin yini. Idan ramin robar bai ɗauke kason gaba ɗaya ba, ki raba shi a robobi biyu, ko ki watsa ragowar a ƙasa ya bi yana tsinta da hanci.

A kwana biyu ko ukun farko ki zuba ƙwayoyin a bushe ba tare da kin toshe bakin ramin ba, yadda da zarar ya tura robar da hanci za su zubo. Wannan sauƙin da gangan ne. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cusa abinci ya danne, ya daskarar da shi tun ranar farko, kare ya lasa sau biyu bai samu komai ba, ya tafi ya bar shi, mai shi kuma ya yanke hukuncin cewa karensa ba ya son irin wannan. Idan ya gane cewa abin yana fitar da abinci, sai ki jiƙa ƙwayoyin da ruwa na kimanin minti ashirin su kumbura, ki cusa su a sassauce, ki shafa ɗan jiƙaƙƙen abincin karnuka a bakin ramin. Bayan wasu kwanaki ki ƙara dannawa, a mako na biyu kuma ki fara sa shi a firji ya daskare kafin ki ba shi. Abincin da yake cinyewa a kwano cikin minti biyu zai koma aikin minti ashirin zuwa arba'in na lasa da gaigaya, sau biyu a rana, kuma wannan shi ne ainihin abin da bakinsa yake nema a jikin teburinki. Idan za ki shafa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba domin ƙara masa sha'awa, ki karanta jikin kwalbar ki tabbatar babu sinadarin zaƙi da ake kira zailitol, domin guba ne ga kare ko da kaɗan ne, kuma ki nisanta shi da inabi da zabibi da albasa da cakulan. Duk wani ƙari da ba abincinsa na asali ba kada ya wuce kashi goma cikin ɗari na abin da yake ci a yini. Ki riƙa wanke robar bayan kowane amfani, domin ragowar jiƙaƙƙen abinci yana saurin lalacewa a cikin ramin.

Lokacin bayarwa yana da muhimmanci kamar abin da ake bayarwa. Na safe ki ba shi a keɓantaccen wurinsa minti biyar kafin ku fita, bayan ya riga ya fita ya zagaya ya yi bayan gida. Na yamma kuma ki lura da sa'ar da ya saba fara neman ɓarna, ki riga shi da kamar minti goma sha biyar, kada ki jira sai ya ɗauki wani abu sannan ki kawo, domin idan robar mai abinci tana zuwa ne kawai bayan ya kama ƙafar tebur, zai koyi cewa kama ƙafar tebur ita ce hanyar kiran ta.

Sauran kayan wasan bakwai kuma ki kwashe su duka ki ɓoye. Ki riƙa fito da biyu ko uku, bayan kwana uku ko huɗu ki mayar da su ki fito da wasu, saboda abin da kare yake gani kullum a ƙasa yana zama masa kamar tabarma. Wajen zaɓa ki bi abin da ɓarnarsa ta nuna: mai son katako a ba shi roba mai ƙwari da zai iya kafa turame a kanta, mai son fata da yaga a ba shi abin da yake lanƙwasuwa, ko kwali mara ƙusa da salatif da aka zuba 'yan ƙwayoyin abinci a ciki ya yayyaga a gabanki, muddin yana tofar da guntayen ba haɗiyewa yake yi ba. Kuma ki riƙa raya abin wasan da hannunki, ki ja shi a ƙasa yana guje masa kamar abin farauta, ku yi ja-in-ja na minti biyu ko uku, sa'an nan ki sakar masa. Abin da aka yi kokawa a kansa ya fi daraja a wurin kare a kan wanda aka jefo masa. Giram 60 ɗin da ke aljihunki kuma ga amfaninsu: duk lokacin da kika gan shi ya kwanta da kansa yana tauna abin da aka yarda, ki wuce a natse ki ajiye masa ƙwaya biyu ko uku a gabansa ki yaba masa da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da kin karɓe abin ba. Wannan ɗan ƙaramin aiki shi ne yake juya lissafin da na ambata a baya.

A kan ƙwarin abin tauna sai na ja kunnenki, domin mai gajiya da ɓarna yakan ruga ya sayo abin da ya fi kowanne tauri. Likitocin haƙoran dabbobi suna da ma'auni mai sauƙi: idan kika danna farcenki a jikin abu bai lotsa ko kaɗan ba, ya yi wa haƙori tauri. Ƙaho da kofato da ƙashin ƙafar manyan dabbobi da leda mai tauri sosai suna cikin abubuwan da suke fasa babban haƙorin sama na gefe wanda kare yake datsa abu da shi, kuma kare yakan ci gaba da cin abinci da fasasshen haƙori, ba a ganewa sai fuska ta kumbura a ƙarƙashin ido. Dafaffen ƙashi kuwa yana tsagewa ya zama tsinke mai kaifi, kada a ba shi ko kaɗan. Abin wasa na igiya na ja-in-ja ne a gabanki, ba na barinsa da shi shi kaɗai ba, saboda zaren da aka haɗiye yana iya tattare hanji ya yanka shi. Duk abin tauna da ya ƙanƙance har zai iya shiga bakinsa gaba ɗaya, ko robar da ta fara ɓarewa, a jefar.

Sai abin da za ki yi idan kika kama shi da abu a baki. Kada ki bi shi a guje, kuma kada ki buɗe bakinsa da ƙarfi sai idan abin mai hatsari ne nan take, domin ƙwacewa tana koya wa kare abu biyu marasa kyau, gudu da abin zuwa ƙarƙashin gado, ko saurin haɗiye shi kafin a iso, wasu ma har su fara gurnani. Ki kira shi da murya mai daɗi, ki kai ɗan abinci mai ƙamshi daidai hancinsa, idan ya saki abin ki jefa abincin ɗan nesa, ki ɗauke takalmin yana can, sa'an nan ki kawo abin wasansa ki motsa shi har ya kama, ki zauna tare da shi minti ɗaya ko biyu. Domin wannan ya yi aiki a ranar da ake buƙata, ki riƙa gwada shi da kayan wasansa sau biyar ko shida a rana: yana riƙe da abin wasa, ki ce "saki" sau ɗaya, ki nuna abincin, ya saki, ya ci, ki mayar masa da abin wasan. Mayarwar ita ce sirrin, domin da ita yake koyon cewa sakin abu ba asara ba ne. Bayan kamar mako guda ki fara faɗin kalmar hannunki babu komai, ladan ya fito daga aljihu bayan ya saki. Idan kuma kika ga kina yin wannan musanya da takalmi fiye da sau ɗaya ko biyu a rana, to matsalar tana wurin kwashe kaya, ba wurin karen ba.

Game da maigida, ina roƙon ki isar masa da wannan cikin ladabi, domin abin da yake gani da idonsa gaskiya ne, fassarar ce take da gyara. Kare yana haɗa sakamako da abin da yake yi a cikin 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, don haka tsawa a kan takalmin da aka tauna awa uku da suka wuce ihu ne bayan hari. Sunkuyar da kai da kwantar da kunne da kawar da ido alamun neman sulhu ne da kare yake nuna wa wanda ya ga ransa a ɓace. A 2009 wata masaniyar halayyar karnuka a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan: aka hana karnuka cin wani abinci, masu su suka fita, da suka dawo aka gaya wa wasu cewa karen ya ci alhali bai ci ba. Karnukan da aka yi wa faɗa sun nuna wannan fuskar ko sun ci ko ba su ci ba. Abin da karenku ya koya shi ne idan akwai yagaggen abu a ƙasa kuma maigida ya shigo, akwai tashin hankali, bai koyi cewa taunar da ya yi da hantsi ce ta jawo ba. Duka kuma yana ƙara masa fargaba, tauna kuwa tana cikin hanyoyin da kare yake sauke fargaba, ga shi yana koya masa ya riƙa jira sai ba kowa sannan ya yi. Abin da zai fi amfani shi ne maigida ya karɓi wasan ja-in-ja na yamma da darasin "saki" ya zama aikinsa.

Motsa jiki yana da nasa rabo, amma ba sai na tsawaita ba. Fita biyu a rana ta minti talatin zuwa arba'in, wadda ake barinsa ya tsaya ya shanshana abin da yake so, ta fi gajiyar da shi a kan gudu mai tsanani, wanda bai ma dace da gaɓoɓin da ba su gama girma ba. Ki kuma lura cewa haukan yamma wani lokacin gajiya ce ta wuce kima, kamar ta yaron da barci ya kama yana ƙi, kuma maganinta shi ne a kai shi wurinsa da robarsa ya huce ya yi barci.

Tunda ya riga ya taɓa wayar lantarki kuma ya yaga takalma, akwai alamun da nake so ki riƙe. Idan ya fara amai a kai a kai, ya ƙi abinci, ya yi laushi, yana ƙin a taɓa cikinsa ko yana yunƙurin bayan gida ba ya fita, ki ɗauka wani abu ya toshe masa hanji har sai likita ya ce ba haka ba, kuma ki kai shi a ranar. Idan kika ga zare yana leƙowa daga bakinsa ko duburarsa kada ki ja. Idan ya ciji wayar da ke jone da wuta, ki kashe wutar kafin ki taɓa shi, ki kai shi asibiti ko da ya miƙe garau, domin bayan ƙunar baki ruwa yana iya taruwa a huhunsa bayan wasu awowi. Batirin rimot da aka huda ko aka haɗiye shi ma na gaggawa ne, kuma ba a sa kare amai a kansa. Idan kuma yana cinye abin da ba abinci ba da gangan, kamar duwatsu ko tsumma, ko kika buɗe bakinsa kika ga fiƙar kwikwiyo tana nan maƙale kusa da ta girma, wannan ma a nuna wa likita.

Alamar cewa tsarin yana aiki ita ce ranar da kika ga ya shigo falo, ya wuce abin da a da zai ɗauka, ya tafi neman robarsa da kansa, kuma a yawancin karnuka ana fara ganin haka cikin mako biyu zuwa uku. Kada wannan ya sa ki buɗe masa gidan gaba ɗaya. Idan ya yi makonni uku ko huɗu a jere bai taɓa abin da ba nasa ba, ki ƙara masa ɗaki ɗaya da aka kwashe, ki bar shi a ciki minti goma kina wani ɗakin, ki riƙa ƙara lokacin a hankali, kuma a lokacin ne za ki iya mayar da rabin abincinsa kwano ki bar sauran a robar. Idan ya sake ɓarna, ki koma matakin da ya gabata na mako biyu sannan ki sake gwadawa. Ki sa ran irin wannan komawa baya sau ɗaya ko biyu kafin ya cika shekara ɗaya da rabi, musamman idan an yi baƙi, ko an sauya lokacin fita aiki, ko ya yi kwanaki bai samu fita ba, kuma a irin waɗannan ranakun ki tanadi robobi biyu a daskare maimakon ɗaya.